Oganik, nacural, sabo daga gona: me muke saya da ƙarin kuɗin?

Maman Khairat: Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga malaman gona da 'yan kasuwar da ke zauren nan. Yanzu a manyan kantuna da shafukan masu sayar da kaya a waya, za ka ga wake a leda an rubuta masa oganik, ƙwai an ce sabo daga gona, zuma an ce nacural, kuma kuɗinsu ya kusa ninka na kasuwa. Ƙarin kuɗin yana da dalili? In yana da shi, ta yaya mai saye zai gane an gaya masa gaskiya?

Malam Sani: Wa alaikumus salam, Hajiya. A fara raba su, don ba matsayinsu ɗaya ba. Oganik kaɗai ke da ƙa'ida rubutacciya da wani na waje da ke zuwa ya duba. Manomi ba zai sa takin zamani ba, ba zai fesa maganin ƙwari ko na ciyawa na haɗin kamfani ba, ba zai shuka irin da aka sauya wa ƙwayar halitta ba. Kuma ba ranar da ya daina feshi gonar ke zama oganik ba. A dokar Amurka sai ƙasar ta yi shekara 3 ba ta ga haramtaccen magani ba kafin girbi. A ta Tarayyar Turai shekara 2 ce kafin shuka ga amfanin da ake girbewa duk shekara, 3 ga itatuwa. Bayan haka mai bincike yana zuwa duk shekara ya duba gona da rumbu da littafin saye da sayarwa.

Sauran biyun maganar mai kaya ce kawai. Ko a Amurka, nacural a jikin nama ma'anarsa ba a ƙara masa launi ko wani sinadarin haɗi bayan yanka ba, bai ce komai a kan abin da dabbar ta ci ko allurar da aka yi mata ba. Sabo daga gona kuwa, duk tumatur daga gona ya fito, har wanda aka fesa wa magani jiya da yamma.

Nasiru: Ai abin da sauƙi. Duk ganyen da kika ga tsutsa ta ci, ko waken da kika ga ƙwari na yawo a ciki, shi ne oganik. Wanda ya yi sumul ba tabo, magani ya sha. Haka ake ganewa tun da can.

Alhaji Bala: Nasiru, rabin maganarka gaskiya ne. Ƙwaro mai rai yana yawo a cikin wake yana nuna cewa a yanzu babu magani mai ƙarfi a jikinsa. Amma bai gaya maka abin da aka fesa a gona ba, kuma akwai waken da aka sa wa magani wata huɗu da suka wuce, ƙarfinsa ya ragu, sabon ƙwaro ya shiga. Ɗaya ɓangaren kuma kuskure ne. Waken da aka ajiye a buhun PICS, wato buhun ajiya mai leda da ke hana iska shiga, yana fitowa tas, ba ƙwaro ko ɗaya, kuma ba a sa masa komai ba. In ka bi ƙa'idarka, sai ka guji mai kyau ka sayi wanda ƙwari suka rarake.

Maman Khairat: To Alhaji, a tsaya a kan waken, don shi ya fi damuna. Me ake sa masa ne a ajiya?

Alhaji Bala: Hanya uku ce a kasuwa, Hajiya.

Ta farko ita ce mai haɗari: a ɗauko fiya-fiya, wato DDVP, a yayyafa wa waken kai tsaye ko a cakuɗa. Wannan magani ba a yi shi don a zuba wa abinci ba. Shi ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Najeriya a 2015, saboda ta yi ta samun saurarsa sama da iyakarta, wadda miligiram 0.01 ce a kowane kilo.

Ta biyu ƙwayar fostoksin. Ita iska take saki, ba ruwa ba ce. In an yi daidai, ana naɗe ƙwayar a takarda ko ƙyalle don kada tokarta ta taɓa hatsi, a rufe ruf yadda iska ba za ta fita ba, a bar shi aƙalla mako guda, sannan a buɗe ya sha iska kafin a sayar. Inda ake ɓata ta shi ne a jefa ƙwayar tsirara cikin buhu, ko a sayar kwana biyu da sawa, ko mafi muni a ajiye buhunan a ɗakin da mutane ke kwana. Iskar tana kashe mutum.

Ta uku buhun PICS, wanda Jami'ar Purdue ta ƙirƙiro. Leda biyu ce masu kauri a ciki, sai buhun saƙa a waje. Ana busar da waken sosai, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Ƙwarin da ke ciki su da kansu suke cinye iskar da ta rage, sai su daina ci su mutu. Yana lalacewa ne in ledar ta huje, in ɓera ya taɓa ta, in ana yawan buɗewa, ko in an zuba waken da danshi, sai ya yi fumfuna.

Mahamadou Maraɗi: Haka ne, Alhaji. A nan Maraɗi an daɗe da sanin buhun, masu binciken INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, sun yi aiki mai yawa a kansa. Ƙarin da zan yi: kafin a zuba, a hura kowace leda a danna ta a ji ko tana fitar da iska. Kuma a wajenmu kalmar da ake rubutawa a jikin kaya biyo ce, da Faransanci, amma matsalar ɗaya ce da taku. Kowa na iya buga ta a takarda.

Malam Sani: Bari mu yi lissafi a kan waken, don Hajiya ta ga inda kuɗin ya kamata ya tsaya. Buhu mai kilo 100 yana ba da kwano kusan 40. A ce buhun PICS naira 4,000 ne, ban ce shi ne farashinsa yau ba, misali ne. In ka raba a kwano 40, naira 100 ke nan a kowane kwano, kuma in an kula da shi ana sake amfani da shi kaka biyu ko uku. Saboda haka wanda abin da yake tallatawa kawai shi ne "ba mu sa maganin ajiya ba", in ya ƙara miki ɗari biyu ko uku a kwano don buhu da wahalar tsincewa, ya yi adalci. In ya ninka farashi, ki tambaye shi sauran na mene ne.

Oganik na gaskiya lissafinsa daban ne. Wake na cikin amfanin da ƙwari suka fi addaba a gona, musamman tsutsar da ke shiga fure da kwanso. Wanda bai fesa maganin kamfani ba zai koma ruwan darbejiya, yana maimaitawa akai-akai, kuma duk da haka zai yi asara. Manyan nazarce-nazarcen da suka haɗa gonaki da yawa a duniya sun samu amfanin gonar oganik yana ƙasa da na sauran da kusan kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari a matsakaici, kuma ga wake a ƙasa mai zafi giɓin na iya wuce haka. Ƙara kuɗin noman ciyawa da hannu da kuɗin masu bincike. Wannan manomin yana da hujjar tsada. Sai dai shi ma yana da takarda, kuma ita za a nema.

Rabi'u: Ni dai abin da na sani, duk wannan magana ta irin GMO ce. Su ne suke sa wa wake guba. A guji waken da aka sauya wa halitta, shi ke nan an huta.

Malam Sani: Rabi'u, ka haɗa abu biyu da ba su haɗu ba. Fiya-fiya ɗan kasuwa ke zubawa bayan girbi, ko wane iri ne waken. Irin da kake nufi shi ne SAMPEA 20-T, wanda cibiyar binciken noma ta IAR da ke Samaru ta fitar a 2019. An yi shi ne don ya jure tsutsar kwanso, sai manomi ya rage feshi daga sau shida ko takwas zuwa kamar sau biyu. Ba zai taɓa samun takardar oganik ba, don ƙa'idar ta haramta shi, ko da ya fi na maƙwabcinsa ƙarancin feshi. Kuma bai kare kansa daga ƙwaron rumbu, shi ma sai an yi masa ajiya mai kyau. Kana iya ƙin sa don naka dalilin, amma ƙin sa bai raba ka da fiya-fiya ba.

Rabi'u: Na ji, Malam, amma ban gamsu da shi ba har yanzu.

Usman: Wannan muhawara ce ta wata rana. Bari in amsa sashe na biyu na tambayar Hajiya, yadda ake duba takarda, don wannan ne aikin masu fitar da riɗi da zoɓo da citta waje.

Abu na farko a jikin leda, ki nemi sunan wanda ya ba da shaida, ba kalmar oganik ba. In kayan na ɗauke da tambarin Turai, koren nan mai ganye da aka zana da taurari, dole a kusa da shi a ga lambar hukumar da ta yi bincike, mai siffa kamar NG-BIO-154. Haruffa biyun farko ƙasa ce, lambar ƙarshe ta kamfanin binciken ce. In tambarin Amurka ne, dole a rubuta sunan mai shaidar a ƙarƙashin sunan kamfanin. Tambari ba lamba, ba suna, hoto ne kawai aka kwafo.

Na biyu, ki ce a turo miki hoton satifiket ɗin. Mai shi na gaskiya ba ya jin haushin wannan, don kuɗi ya kashe ya same shi. Ki duba abu huɗu. Sunan da ke kai shi ne sunan mai sayar miki? Kayan da kike saye yana cikin jerin da aka lissafa? Wannan ne inda ake yawan wayo, kamfani yana da shaida a kan riɗi, sai ya liƙa tambarin a jikin zuma da wake. Kwanan watan bai wuce ba? Sannan shaidar ta noma ce kawai, ko ta haɗa da sarrafawa da ƙullawa? Wanda ya sayo buhu daga gona mai shaida, ya buɗe a shagonsa ya ƙulla a ƙananan ledoji da sunansa, shi ma sai yana da tasa shaidar, don a nan ne ake cakuɗawa da na kasuwa.

Na uku, kada ki tsaya a hoton, ana gyara hoto. Ma'aikatar noma ta Amurka tana da rumbun da kowa ke iya shiga, Organic Integrity Database, ki rubuta sunan kamfanin ki ga ko yana ciki da irin kayan da aka amince masa. Kamfanonin bincike irin su Ecocert su ma suna da wurin neman satifiket a shafinsu.

Maman Khairat: To wanda ya nuna min lambar NAFDAC fa?

Usman: Lambar NAFDAC tana da amfaninta, tana nuna an yi wa kayan rajista kuma an duba wurin da ake ƙulla shi. Ba ta ce komai a kan yadda aka noma ba. Ana son ta, amma ba ta maye gurbin waccan.

Gaskiyar da ya kamata a faɗa kuma, wannan shaida ta ƙasashen waje tsada gare ta, shi ya sa mafi yawan masu ita a ƙasar nan waje suke kai kayansu. Ƙaramin manomi mai kadada ɗaya ba zai iya biya ba ko da bai taɓa fesa komai ba. Irin su ne aka yi wa tsarin PGS, inda manoma da masu saye ke haɗa ƙungiya suna duba gonakin juna bisa ƙa'idar da suka rubuta. In mai kaya ya ce yana ciki, ki tambayi sunan ƙungiyar, wa ya zo duba gonar, yaushe, kuma ko mai saye zai iya bin su ranar zagaye.

Alhaji Bala: Malam Usman, ni wannan na duba juna bai kwanta min ba. Maƙwabci zai tona wa maƙwabcinsa asiri, alhali gobe shi za a zo dubawa?

Usman: Damuwarka a kan hanya take, Alhaji. Ƙarfinsa yana ga masu saye da ke cikin tawagar da kuma zuwa ba sanarwa. Inda babu waɗannan biyun, ni ma ba zan ba shi nauyi sosai ba. Amma ya fi rubutun leda da babu kowa a bayansa.

Nasiru: To duk wannan na masu zuwa babban kanti ne. Mai sayen kwano biyu a kasuwa fa, ina zai ga satifiket?

Malam Sani: Shi hanci da kwalba zai yi aiki da su, kuma ya san iyakarsu. Ka zuba waken rabin kwalba, ka rufe, ka ajiye a rana kamar awa ɗaya, ka buɗe ka shinshina daga nesa kaɗan. Wari mai kama da kananzir ko maganin sauro alamar feshi ce. Wari kamar na tafarnuwa ko kabaid, ko ka ga toka-toka mai ruwan toka a ƙasan kwano, alamar fostoksin ce da ba a bari ta fice ba. Rashin wari bai wanke waken ba, don ƙaramin saura ba ya wari.

Gwajin da ya fi wannan shi ne da ƙwaron kansa. Ka samo ƙwarin wake masu rai kamar ashirin daga tsohon wake. Goma a kwalbar waken da kake zargi, goma a kwalbar waken da ka tabbatar da tsabtarsa, ka rufe bakin kowacce da ƙyalle don iska ta shiga. Babban ƙwaron yana rayuwa mako ɗaya zuwa biyu. In na kwalbar farko sun mutu cikin kwana ɗaya ko biyu na ɗayar suna yawo, akwai magani. Kwalba ta biyun ita ce gwajin, in babu ita ba za ka san ko zafi ne ya kashe su ba. In duka sun rayu, abin da ka sani kawai shi ne babu mai yawa. Adadi na ainihi sai ɗakin gwaje-gwaje.

Abin da ya fi duk wannan arha shi ne saye da kaka, lokacin da sabon wake ya shigo ba a kai ga sa masa komai ba, ka yi ajiyarka da kanka. Jarka mai murfi mai kyau, a cika ta taf, tana yin aikin buhun PICS. Mai firiza ya sa shi ciki kwana huɗu zuwa bakwai, ya kashe ƙwaro da ƙwansa.

Maman Khairat: Surfawa da wankewa ba sa fitar da maganin?

Malam Sani: Suna ragewa. Jiƙawa a zubar da ruwan, cire ɓawo kamar za a yi ƙosai ko alala, tafasa ɗaya a tsiyaye, duk suna rage abin da ke saman ƙwaya. Amma waken da ke warin magani ba a gyara shi da wanki, barinsa ake yi.

Hajiya Binta: Bari in karɓi maganar ƙwai, don a nan ne "sabo daga gona" ke da ma'anar da za a iya gwadawa. Sabuntar ƙwai abu ne da ake aunawa a gida. Ɓawonsa yana da ƙananan ƙofofi, kullum ruwa na fita iska na shiga, sai gurbin iskar da ke gefen mai faɗi ya yi ta girma. Ki sa shi a kwanon ruwa. Sabo yana kwanciya a ƙasa a gicciye. Wanda ya kwana biyu yana ɗaga kai, tsoho ya miƙe tsaye, wanda ya taso sama a zubar. In kin fasa a faranti, sabo farinsa yana tattare da kauri kewaye da gwaiduwa, ita kuma tana tsaye a dunƙule. Tsoho farin yana malalewa kamar ruwa, gwaiduwar ta baje. A zafin Maris da Afrilu wannan canjin yana sauri ƙwarai, don haka in mai kaya yana kawo na jiya ko shekaranjiya da gaske, ƙarin kuɗi kaɗan a kiret ya halatta. Ki gwada uku daga kiret, daga wurare daban.

Abin da bai cancanci ko kwabo ba shi ne launi. Jan ɓawo ko fari daga irin kazar ne. Gwaiduwa mai ja sosai daga abinci ne, jar masara ko ganyen zogale suna kawo ta, kuma akwai sinadarin launi da ake zubawa a abincin kaji don wannan kaɗai. Kazar keji za ta iya ba ki gwaiduwar da ta fi ta kazar ƙauye ja.

Nasiru: Amma Hajiya ƙwan kazar gida ya fi lafiya, ba a yi mata allurar girma.

Hajiya Binta: Malam Nasiru, girman kajin gidan gona daga iri ne da abinci, ba allurar girma ba. Abin da ya kamata a ji tsoro maganin kashe ƙwayoyin cuta ne da ake zubawa a ruwan sha. Kowanne yana da kwanakin da za a jira kafin a ci nama ko ƙwai, a rubuce a jikin ledarsa, wasu ma an rubuta kada a ba kaza mai ƙwai sam. Mai kaji dubu da ke tara kiret ashirin da wani abu kullum, in ya ba da magani ya kamata ya riƙe ƙwan waɗannan kwanakin, kuma da yawa ba sa iya jure asarar. Ido ba ya gani, dafawa ba ta da tabbacin kawar da shi. Hanya ɗaya ce, ki tambayi mai gona yaushe ya ba da magani na ƙarshe, wane ne, kuma me ya yi da ƙwan makon. Mai littafin gona zai buɗe miki shafi.

Kazar gida kuwa ba ta tsira kai tsaye ba. A ƙauye ma ana fasa kafso ja da rawaya a zuba wa kaji a ruwa ba awo. Ƙwanta yawanci akwai zakara a kansa, in ya kwana a zafi ko kaza ta fara kwanci a kai, ya fi saurin lalacewa. Kuma ƙarami ne, giram 35 zuwa 40, na gidan gona 55 zuwa 60. In kuɗin guda ɗaya ne, kin riga kin biya ƙarin kusan rabi in aka auna da nauyi. Wanda ke son ɗanɗanonsa ya saya don ɗanɗano.

In kuma aka ce miki ƙwan oganik ne, tambaya ɗaya ta isa: ina kuke samo masara da waken suya masu shaida? Abinci shi ne kusan kashi 70 na kuɗin kiwo, kuma ba ƙwan oganik sai da abincin oganik. Kazar da ke yawo a fili tana cin abincin buhu na kasuwa, kazar sake ce, wannan ma abu ne mai kyau, amma a kira ta da sunanta.

Maman Khairat: Allah ya saka, Hajiya. Saura zuma. An ce a tsoma ashana a kyasta, in ta kama mai kyau ce.

Mahamadou Maraɗi: Ashana danshi kawai take nunawa. Sukarin da aka dafa ya yi kauri shi ma zai bar ta ta kama. Haka gwajin ɗigawa a ruwa, kauri yake aunawa. Maganar cewa tururuwa ba ta bin zuma ta gaskiya ba ta da tushe, tana bi. Kuma daskarewa ba alamar sukari ba ce, zuma mai kyau tana daskarewa, wata da wuri wata a makare, gwargwadon furen da ƙudan ya ci. Mutane suna mayar da mai kyau saboda wannan.

Abin da ake iya aunawa a gida shi ne ruwa. Ma'aunin duniya ya ce kada ya wuce kashi 20 cikin ɗari. Akwai ƙaramin madubin awo da masu kiwon zuma ke riƙewa, ɗigo ɗaya ake sawa. Ba shi, a auna nauyi: lita ɗaya ta nunanniyar zuma tana kai kilo 1.4. In ta gaza sosai, an sirka da ruwa ko an ɗebe ta ba ta nuna ba, kuma irin wannan ce ke kumfa, ta yi tsami, ta kumbura jarka. Gano sukarin rake ko na masara da aka haɗa da gwaninta kuwa sai ɗakin gwaje-gwaje. Don haka farashi ma shaida ne: in kuɗin lita ya yi ƙasa da abin da mai amya ke sayarwa a ƙauyensa, tambaya ta ƙare. Tsada kuma ba ta tabbatar da komai.

Usman: Kuma zumar oganik ta fi kowane kaya wuyar tabbatarwa, don ba a ɗaure ƙudan zuma. Ƙa'idar Turai ta ce kilomita 3 kewaye da amya ya zama daji ne ko gonakin oganik ko waɗanda ba a yi musu feshi mai yawa. Amyar da ke kusa da gonar auduga ko ta kankana ba za ta cika wannan ba. Sannan kowace iri ce, ba a ba jaririn da bai kai shekara ɗaya ba.

Rabi'u: To a taƙaice dai oganik ya fi gina jiki ko bai fi ba?

Malam Sani: Masana ba su gama daidaitawa ba. Nazarin da aka yi a Jami'ar Stanford a 2012 ya tattara bincike sama da 200, bai samu ƙwaƙƙwarar hujjar cewa ya fi gina jiki ba, amma ya samu saurar maganin ƙwari ta fi ƙaranci a cikinsa. Wani da aka jagoranta daga Jami'ar Newcastle a 2014 ya samu ƙarin wasu sinadarai masu amfani da ƙarancin ƙarfen kadmiyam. Duka biyun yawancin bayanansu daga Turai da Amurka ne, inda manomin da ba na oganik ba ma ana sa masa ido a kan kwanakin jira bayan feshi. A nan, inda ake iya fesa tumatur yau a tsinka gobe, ina ganin bambancin saurar magani zai fi nasu girma. Wannan ra'ayina ne.

Akwai kuma abin da kalmar ba ta rufewa in babu mai bincike. Latas da kabejin da aka yi wa ban ruwa da gurɓataccen ruwan kogin Jakara na Kano, ko aka zuba musu ɗanyen kashin kaji ana saura mako biyu a cire, mai su zai iya rantsuwa bai sa takin zamani ba, kuma gaskiya ya faɗa. Ƙa'idar Amurka ta ce ɗanyen taki sai ya yi kwana 120 a ƙasa kafin a girbe abin da ke taɓa ƙasa, 90 ga wanda ba ya taɓawa. Ga ganyen da za a ci ɗanye, tambayar ruwa da taki ta fi min tambayar feshi.

Hajiya Binta: A nan ban bi ka duka ba, Malam. Ƙwayar cuta ana wanke ta ko a dafa, maganin da ya shiga cikin ganye ba ya wankuwa. Ni feshin zan fara tambaya.

Malam Sani: Ga alayyafo da za a dafa, na yarda da ke, Hajiya. Latas ba a dafa shi, kuma wanki yana ragewa ne kawai. In ruwan ya haɗu da na masana'antu, ƙarfen da ke ciki ba ya fita da wanki ko wuta.

Maman Khairat: Na tura wa mai waken tambaya. Ta ce ba su da satifiket, amma a buhun PICS suke ajiya kuma in na so in je in ga rumbun. Alhaji, in na je me zan duba?

Alhaji Bala: Ki ce a buɗe sabon buhu a gabanki, wanda ke kika nuna, ba wanda aka ware ba. Ki ga leda biyu a ciki, kowacce da ɗaurinta. Ki sa hanci a bakin ledar da zarar an kwance, warin wake kawai ya kamata ki ji. In kin ga matattun ƙwari kaɗan a ciki ba laifi, haka buhun ke yi. Ki duba kusurwoyin ɗakin da bayan ƙofa ko akwai kwalaben magani ko gwangwanin ƙwaya, don wasu suna sa fostoksin a cikin PICS ɗin ma saboda rashin yarda da buhun. Ki ƙirga buhunan da ido, ki kwatanta da yawan da take sayarwa a wata, in rumbun buhu goma ne tana sayar da talatin, sauran daga kasuwa suke. Sannan ki tambayi kuɗin kwano a Dawanau a ranar kafin ku yi ciniki.